Kuɗi Da Aljihu: Lambar Da Ba A San Asalinta Ba

A 'yan shekarun nan wata irin makaranta ta buɗe a cikin wayoyin mutanen Jos, wadda ba ta da aji, ba ta da bulala, ba ta kuma karɓar kuɗin makaranta. Samari da 'yan mata masu ɗan sani a kan sha'anin kuɗi, waɗansu ɗaliban Jami'ar Jos, waɗansu ma'aikatan banki, waɗansu kuma 'yan kasuwa, sukan shirya darasi a kan jerin alluna su saka a Instagram ko Facebook. Kowane allo hoto ne mai ɗauke da 'yan kalmomi da lamba ɗaya ko biyu, mai karatu yana turawa da yatsa daga na farko zuwa na ƙarshe. Daga nan alluna sukan tsallaka zuwa WhatsApp, su kai hannun mai sayar da tumatir a Farin Gada, da mai gwanjo a Katako, da mai shago a Taminus, da malamin makaranta a Bukuru.

Galibin waɗannan darussa a kan lamba suke tsayuwa. Allo zai ce tsadar kaya ta kai kashi kaza, ko kuwa banki yana ba da kaza, ko kuwa hukuma za ta biya kaza idan banki ya rushe. Mutum kuwa ba ya karanta irin wannan lamba don nishaɗi, yana karantawa ne don ya yanke shawara: ya bar kuɗinsa a ajiye ko ya sayi buhunan masara ya tara, ya zuba cinikin wata a banki ɗaya ko ya raba biyu. Saboda haka tambayar da ta kamaci kowane allo ita ce wadda Bahaushe ya saba yi wa mai kawo labari, watau wa ya faɗa, yaushe kuma ya faɗa. Wahalar ita ce allo ba shi da fili. To, yaya za a yi a amsa wannan tambaya cikin layi ɗaya, ba tare da an cushe allon ba? Shekarar 2025 ta ba da misalin da ya isa a koyi wannan sana'a da shi.

Lambobi Biyu, Mudu Biyu

A tsakiyar watan Janairu 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NBS, ta ba da sanarwar cewa hauhawar farashi a Nijeriya a watan Disamba 2024 ta kai kashi 34.80 daga cikin ɗari. Ranar 18 ga watan Fabrairu 2025 kuma hukumar ta fito da lambar watan Janairu, ta ce kashi 24.48 ce. Na abinci shi ma ya tashi daga kashi 39.84 ya koma kashi 26.08. Wanda ya jera waɗannan lambobi a allo ɗaya, ya zana kibiya mai kallon ƙasa, ya rubuta cewa tsada ta ragu da kashi goma cikin wata ɗaya, bai ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba. Duk da haka ya gaya wa masu karatunsa abin da ba haka yake ba, kuma matar da ta je cefane Farin Gada a wannan wata ta fi shi sanin haka.

Abin da ya faru shi ne hukumar ta sauya ma'auninta tsakanin watannin biyu. Ana auna hauhawar farashi ne da wani kwando na kayayyaki da hidimomin da iyali ke kashe wa kuɗi, kamar abinci da haya da sufuri da tufafi da magani, kowanne da nauyin da aka ba shi gwargwadon yawan abin da yake ci a aljihu. Tsohon kwandon an kafa shi ne a kan shekarar 2009, sabon kuwa a kan shekarar 2024. An ƙara yawan kayan da ake bibiya daga 740 zuwa 934, an kuma rage nauyin abinci daga fiye da rabin kwandon zuwa kimanin kashi 40 daga cikin ɗari. Da yake abinci ne ya fi kome tashi a wancan lokaci, rage masa nauyi ya taimaka wajen saukar da lambar gaba ɗaya.

Ɗan kasuwar hatsi ba ya bukatar dogon bayani a nan. Idan jiya an auna masa gero da babban mudu, yau kuma aka auna da wani mudu dabam, ba zai yarda a ce masa geron ya ragu ko ya ƙaru ba sai ya ga mudun. Lambar Disamba daidai ce a mudunta, ta Janairu ma daidai ce a nata, kuskuren yana wajen haɗa su ba tare da an faɗi cewa an sauya mudu ba. Irin wannan ya taɓa faruwa da lambar rashin aikin yi, wadda hukumar ta ba da a kan kashi 33.3 na ƙarshen shekarar 2020, sa'an nan ta ba da kashi 4.1 na farkon shekarar 2023, bayan ta koma lissafta duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a cikin masu aiki.

Akwai kuma kuskure na biyu da ke biye da na farko kamar inuwa. Ko da a mudu ɗaya aka auna, saukar lambar hauhawar farashi ba ta nufin kaya sun yi araha. Kashi 24.48 yana nufin abin da ake saye Naira 1,000 a watan Janairu 2024 ya koma kimanin Naira 1,245 a watan Janairu 2025. Farashi yana ci gaba da hawa, saurin hawan ne kawai ake aunawa. Allon da ya rubuta "kaya sun sauka" a kan wannan lamba ya fassara ta ba daidai ba, ko da ya ambaci sunan hukumar da manyan haruffa.

Abubuwa Huɗu A Layi Ɗaya

Daga wannan misali ana iya gane abin da layin asali a ƙasan allo ya kamata ya ƙunsa. Na farko, sunan wanda ya fito da lambar. Na biyu, sunan takardar da lambar take ciki, domin hukuma ɗaya tana buga rahotanni iri-iri. Na uku, lokacin da lambar take magana a kansa, wata da shekara. Na huɗu, irin awon da aka yi, watau me aka gwada da me.

Na huɗun nan shi ne aka fi mantawa, alhali shi ya fi sauya ma'ana. Rahoton Disamba 2024 da ya ba da kashi 34.80 shi ne kuma ya ba da kashi 2.44. Na farkon ya gwada farashin Disamba 2024 da na Disamba 2023, na biyun ya gwada farashin Disamba da na Nuwamba na shekara ɗaya. Mutum biyu za su iya yin musu har su ɓata, ɗaya yana riƙe da 34.80 ɗaya da 2.44, kowa yana cewa daga NBS ya samo, kuma kowa gaskiya yake faɗa. Kalmomi uku ne kawai, "shekara zuwa shekara" ko "wata zuwa wata", za su raba wannan gardama.

Saboda haka rubuta "Majiya: NBS" kaɗai bai wadatar ba, balle "bincike ya nuna" ko "masana sun ce", waɗanda ba su nuna wa kowa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Layin da ya cika zai iya kasancewa kamar haka:

Majiya: NBS, rahoton hauhawar farashi na Disamba 2024, shekara zuwa shekara, ƙasa baki ɗaya.

Kalmomi goma sha biyar ke nan ko kusa da haka, suna shiga layi biyu a ƙasan allo. Wanda ke son ya tabbatar zai shiga nigerianstat.gov.ng ya nemi rahoton watan, ya ga lambar da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Ma'aunin da mai shirya allo zai riƙa gwada kansa da shi ke nan: shin baƙon da bai san shi ba, da wannan layi kaɗai a hannunsa, zai iya gano lambar cikin 'yan mintoci? Idan ba zai iya ba, layin ado ne kawai.

Ya kamata kuma a bi lamba har gidanta. Sau da yawa mai shirya allo ba daga rahoton ya ɗauko ba, daga wani allon ya kwafo, wanda shi ma daga kanun wata jarida ya kwafo. A kowane hannu lambar takan yar da wani abu, yau a cire watan, gobe a mai da 34.80 ta zama 35, jibi ta zama "kusan kashi arba'in". Idan ya zama dole a dogara ga jarida saboda ba a samu rahoton ba, to sai a faɗi haka ɓaro-ɓaro, a rubuta sunan hukumar, a ce ta bakin jarida kaza, ranar kaza. Sanya sunan hukuma kaɗai a kan lambar da aka tsinta a hanya shaidar zur ce.

Darasi Ɗaya Daga Farko Zuwa Ƙarshe

A ɗauka wata malama mai koyar da lissafin kasuwanci a Jos tana son ta shirya darasi ga matan da ke ajiye kuɗi a asusu ko a ƙasan akwati, mai taken abin da shekarar 2024 ta yi wa Naira 100,000. Alluna shida sun ishe ta.

Allo na farko taken ne da tambaya, babu lamba mai bukatar shaida, saboda haka babu layin asali. Allo na biyu yana ɗauke da lamba ɗaya babba, kashi 34.80, da jimla ɗaya da ke bayyana ta, sai layin asali a ƙasa kamar yadda aka nuna a sama. Lamba ɗaya a allo ɗaya ita ce ƙa'ida mai kyau, domin idan lambobi uku suka haɗu da layin asali ɗaya, mai karatu ba zai san wadda layin yake tsaya wa ba.

Allo na uku shi ne lissafin, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Mai gaggawa zai cire kashi 34.80 daga Naira 100,000 ya ce saura Naira 65,200. Wannan ba daidai ba ne. Kayan da ake saye Naira 100,000 a ƙarshen 2023 sun koma Naira 134,800 a ƙarshen 2024. Wadda ta riƙe Naira 100,000 za ta iya sayen wani ɓangare ne kawai na waɗannan kaya, kuma ana samun ɓangaren ta raba 100,000 da 1.348, abin da ke ba da kimanin Naira 74,200. Watau kuɗin sun rasa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ƙarfinsu, ba fiye da kashi ɗaya bisa uku ba. Bambancin lissafin biyu Naira 9,000 ne a kan kowace Naira 100,000.

Wannan Naira 74,200 ba ta cikin rahoton NBS, malamar ce ta lissafa. Saboda haka haƙƙi ne a kanta ta raba abin da hukuma ta faɗa da abin da ita ta fitar. Layin ƙasan allo na uku sai ya ce:

Lissafin mai shirya darasi: 100,000 ÷ 1.348, bisa lambar NBS ta Disamba 2024.

Amfanin wannan biyu ne. Idan ta yi kuskure, duk mai ɗan lissafi zai gani ya gyara, ba a kuma ɗora wa hukumar maganar da ba ta yi ba. Idan kuwa daidai ta yi, mai karatu ya samu hanyar da zai bi ya lissafa na kuɗinsa, ko Naira 30,000 ne ko miliyan biyu.

Allo na huɗu yana amsa tambayar da kowa zai yi, cewa da a banki aka ajiye fa. A nan wani tarkon yake. Tun watan Agusta 2022 Babban Bankin Nijeriya, CBN, ya sa mafi ƙarancin abin da banki zai biya a kan ajiyar tanadi ya zama kashi 30 daga cikin ɗari na ma'aunin kuɗin ruwa da shi Babban Bankin ke tsayarwa. A farkon 2024 ma'aunin yana kan kashi 18.75, wanda ke ba da kimanin kashi 5.6, a watan Nuwamba 2024 kuma ya kai kashi 27.50, wanda ke ba da kashi 8.25. Wanda ya ɗauki 8.25 ya shimfiɗa ta a kan shekarar gaba ɗaya ya haɗa lambar ƙarshen shekara da tsadar wata goma sha biyu. Abin da ya dace malamar ta rubuta shi ne, ko da a mafi girman lambar ta 8.25 aka biya duk shekara, Naira 108,250 da za a samu ƙarfinta bai wuce na kimanin Naira 80,300 ba. Kalmar "ko da" ita ce ta tsare gaskiyar allon, layin ƙasa kuma zai ambaci CBN da Nuwamba 2024 da lissafin mai darasi. Sanya watan wajibi ne, domin a watan Satumba 2025 Babban Bankin ya sauke ma'aunin zuwa kashi 27, kuma yakan sake duba shi sau da yawa a shekara.

Allo na biyar shi ne na gargaɗi game da sauyin mudu. Jimla biyu sun isa: daga Janairu 2025 NBS ta koma sabon ma'auni mai tushe a shekarar 2024, saboda haka ba a gwada 24.48 da 34.80 kai tsaye. Idan malamar tana son ta zana layi mai nuna tafiyar tsada daga 2024 zuwa 2025, sai ta yanke layin a tsakanin Disamba da Janairu, ta rubuta "sabon ma'auni" a wurin yankewar, maimakon ta haɗa su da layi ɗaya mai gangarowa. Allo na shida shawara ce da ranar da aka shirya darasin.

Nijeriya Dabam, Farin Gada Dabam

Lambar ƙasa matsakaici ce, an tattaro ta daga birane da ƙauyuka na jihohi 36 da Abuja. Mutumin Jos yana zaune kusa da gonakin dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, yana kuma samun kabeji da karas da tumatir a farashin da mutumin Legas ba ya gani, alhali kayan da ake ɗauko masa daga kudu sai sun biya kuɗin doguwar hanya. Saboda haka allon da ya ɗauki lambar ƙasa ya rubuta "a Jos" a kanta ya yi ƙari. Rahoton NBS yana ba da lambar kowace jiha, ciki har da Filato, kuma wanda ke son yin magana a kan jihar sai ya ɗauki wannan, ya rubuta sunan jihar a layin asali. Rahoton da kansa yana jan kunne cewa kwandon kowace jiha ya sha bamban da na wata, don haka ba a amfani da waɗannan lambobi a ce rayuwa ta fi tsada a nan a kan can.

Wani lokaci kuma mai shirya allo shi da kansa ne majiya, ya shiga kasuwa ya tambayi farashin mudun shinkafa ko buhun dankali. Wannan ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi kusa da aljihun mai karatu. Amma ka'idar nan ta abubuwa huɗu tana nan. Sai ya rubuta kasuwar, da ranar, da yawan masu sayarwar da ya tambaya, da irin ma'aunin, alal misali farashin masu sayarwa biyar a Farin Gada, ranar kaza, buhu babba. Farashin kayan gwari yakan sauya tsakanin safiya da yamma, yakan kuma sauya ƙwarai tsakanin kaka da bazara. Mutum biyar a rana ɗaya shaida ce ƙarama, kuma faɗin ƙanƙantarta shi ne ke sa a yarda da ita. Kiran ta "binciken kasuwa" ba tare da bayani ba shi ne ke mai da ita shaci-faɗi.

Lambar Da Ta Tsufa

Allo ba ya mutuwa. Wanda aka shirya shekara uku da suka wuce yana iya faɗowa wayar mutum yau kamar sabo. Misali mafi haɗari shi ne na Hukumar Inshorar Ajiyar Kuɗi ta Nijeriya, NDIC, wadda ke biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe. Shekaru da yawa iyakar abin da take lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci Naira 500,000 ne, a ƙananan bankunan tallafi kuma Naira 200,000. A watan Mayu 2024 aka ɗaga na farko zuwa Naira miliyan 5, na biyu zuwa Naira miliyan 2. Wata ɗaya bayan haka, ranar 3 ga watan Yuni 2024, Babban Bankin ya soke lasisin Bankin Heritage, aka kuma biya masu ajiya bisa sabuwar iyakar.

A ɗauka ɗan kasuwar katako yana da Naira miliyan 3 a wani banki. Tsohon allo marar kwanan wata zai gaya masa cewa Naira 500,000 kaɗai aka lamunce masa, tsoro ya sa ya kwashe kuɗinsa ya kai shago, inda wuta da ɓarawo ke jira, mutanen Jos kuwa ba su manta da gobarar babbar kasuwar Taminus ta watan Fabrairu 2002 ba. Sabon allon da ya ce miliyan 5 bai faɗi irin bankin ba shi ma zai iya cutar da shi, idan kuɗin nasa a ƙaramin bankin tallafi suke, domin a can miliyan 2 ce iyaka, saura miliyan ɗaya sai an jira an sayar da kadarorin bankin. Layin da ya ce "NDIC, Mayu 2024, bankunan kasuwanci, kowane mai ajiya a kowane banki" ya toshe ramukan biyu. Idan doka ta sake sauyawa, kwanan watan zai sanar da mai karatu na gaba cewa ya kamata ya bincika. Mai shirya darasin kuma, ranar da lambarsa ta tsufa, ya kamata ya cire tsohon jerin ko ya fitar da sabo ya ce wancan ya shuɗe.

Inda Za A Sa Layin

Waɗansu sukan tara duk majiyoyinsu a allon ƙarshe ko a rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Niyyar kyakkyawa ce, amma ba ta yi la'akari da yadda alluna ke yawo ba. Mutum yakan ɗauki hoton allo ɗaya da ya burge shi ya tura wa 'yan adashinsu, allon ƙarshe da rubutun ƙasa su tsaya a baya. Lambar takan isa Gangare ko Unguwar Rogo tsirara. Don haka kowane allo mai lamba shi zai ɗauki shaidarsa a jikinsa, cikakken adireshin rahoton kuma a ajiye shi a allon ƙarshe don mai son zurfafawa.

Girman rubutun ma yana da ka'ida, ko da ba ta littafi ba ce. Allon da ake shiryawa a kan faɗi 1080 da tsawo 1350 yakan bayyana babba a kwamfuta, amma a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, bayan WhatsApp ya matse hoton, siraran haruffa masu launin toka sukan narke. Gwajin mai sauƙi ne, mai shirya allon ya tura wa kansa hoton ta WhatsApp, ya buɗe a ƙaramar waya, ya fita cikin hasken rana ya karanta. Idan sai ya buɗa hoton da yatsu biyu, to layin ya yi ƙanƙanta. Ya kamata kuma layin ya matso kusa da lambar, kada ya maƙale a bakin gefe inda mai yanke hoto zai datse shi. Tambarin hukuma kuwa gara a bar shi, domin manna shi yana sa a zaci hukumar ce ta buga allon, alhali rubuta sunanta ya wadatar.

Abin Da Mai Karatu Zai Duba

Wannan ɗabi'a ta layi ɗaya tana da amfanin da ya wuce tsare mutuncin mai darasi. Masu damfara su ma da alluna suke farauta, masu kyawun launi da manyan lambobi. MMM, wanda ya yi alkawarin kashi 30 cikin wata ɗaya, ya rufe kuɗin jama'a a watan Disamba 2016, CBEX kuma ya rushe da dukiyar mutane a watan Afrilu 2025. Lambar irin waɗannan ba ta da gidan da za a bi ta a same ta. Abin da sukan nuna a madadin shaida shi ne takardar rajistar kamfani daga CAC, wadda ke tabbatar da cewa kamfanin yana da suna a littafin hukuma kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba, wanda ke hannun hukumar SEC. Mai karatun da malamai masu gaskiya suka saba masa da ganin suna da wata da shekara a ƙasan kowace lamba, shi ne zai lura da rashinsu a allon ɗan damfara.

Saboda haka kafin mutum ya taɓa kuɗinsa saboda allo, ya duba ƙasan allon. Ya ga ko an faɗi wanda ya fito da lambar, da watan da take magana a kai, da abin da aka gwada da me, da kuma ko ta ƙasa ce ko ta Filato. Idan lambobi biyu aka jera, ya tambaya ko da mudu ɗaya aka auna su. Idan kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya aika wa mai allon tambaya. Mai gaskiya zai turo sunan rahoton nan take, wanda ya kwafo a hanya kuwa zai soma kame-kame, kuma wannan kaɗai ya isa ya sanar da mai tambaya matsayin da zai ba lambar.